'Yar yayata tana Libiya, wata 14 ba ta ga ko dinari ɗaya na albashinta ba

Maman Khalil: Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Shawara nake nema, don Allah wanda ya san doka ya taimaka. 'Yar yayata ce, ba zan faɗi sunanta ba. Bara wata mata da ke zuwa unguwarmu sayar da atamfa ta ce wa yayata akwai aikatau a Libiya, gidan mutanen kirki, dinari 700 a wata. Ta ce ba sai sun ba da ko sisi ba, ita za ta ɗauki nauyin hanya, yarinyar ta yi wata takwas tana biya da albashinta, daga nan kuɗin ya zama nata. Yarinyar da kanta ta ce tana so, don ta tara kayan ɗaki. Aka bi da su ta Daura, Damagaram, Agadas, har Sabha, daga baya aka kai ta Tarabulus. Yau wata 14 kenan. Albashin wani mutum ake ba wa a can, wai shi ne wakilin Hajiyar, wato mai atamfar da ta kai ta. Sau biyu ana canza mata gida, kuma duk canji sai a ce bashin ya ƙaru. An karɓe wayarta, da ta wata 'yar aiki take kiranmu a ɓoye. Yayata ta je wajen Hajiyar, ta ce a kawo naira miliyan ɗaya da rabi ko yarinyar ta ƙara shekara. Tambayata, tunda ita ta yarda ta tafi, kuma ba ta da fasfo, in muka kai ƙara ba mu za a kama ba? Ita ma in ta dawo ba ɗaure ta za a yi ba?

Baban Hanif: Wa'alaikumus salam. Allah ya fitar da ita. Amma gaskiya ɗaya ce, Maman Khalil, wannan ba safarar mutane ba ce a doka. Safarar mutane ita ce a sace mutum ko a yaudare shi a sayar. Ita wannan da ƙafarta ta hau mota, ta san Libiya za ta, ta san aikin gida za ta yi, kuma aikin gidan ta tarar. Wannan fasa-ƙwaurin baƙin haure ne, kuma shi laifi ne da aka yi wa ƙasa, ba ita aka yi wa ba. Ku lallaɓa Hajiyar ta rage kuɗin, ya fi muku sauƙi.

Barista Rabi: Baban Hanif, rabin maganarka daidai ne. Fasa-ƙwaurin mutane laifi ne da ake yi wa iyakar ƙasa, haka ne. Amma duba yadda cinikinsa yake. Mutum ya biya direba ko dillali don a tsallakar da shi iyaka ba bisa ƙa'ida ba. An isa, an sauke shi, kowa ya kama gabansa. Ribar dillalin ita ce kuɗin hanya, kuma ta ƙare ranar da aka isa.

To ita wannan Hajiyar a ina ribarta take? Ba ta karɓi kuɗin hanya ba sam. Ribarta ta fara ne daga ranar da yarinyar ta isa, kuma har yau ba ta tsaya ba. Ni a wajen aiki tambayar da nake fara yi kenan: bayan an isa, wa yake riƙe da mutumin, kuma wa yake cin guminsa?

Dokar da ke aiki a Najeriya ita ce ta hana safarar mutane ta 2015, wadda ta maye gurbin ta 2003 da ta kafa NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane. Abu uku ake dubawa. An ɗebo mutum, ko an yi jigilarsa, ko an ajiye shi, ko an karɓe shi. An yi hakan ta hanyar tilas, ko barazana, ko yaudara, ko amfani da halin rauni da mutum yake ciki. Sannan manufar ita ce a ci da guminsa. A labarin Maman Khalil duka ukun suna nan. An ce wata takwas, ga shi 14 ana ƙara lissafi, wannan yaudara ce. Kuma dokar ta ce in aka yi amfani da ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi, yardar da mutum ya ba da tun farko ba ta wanke mai laifi.

Baban Hanif: Barista, ban ƙi ba, amma ai bashi ne. Matar nan ta kashe kuɗinta, ta biya mota tun daga Kano har Tarabulus. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Don mutum yana aiki yana biyan bashi sai a ce bawa ne?

Barista Rabi: Bashin gaskiya yana da adadi, yana raguwa in ana biya, kuma mai bin ka ba ya kulle ka a gida. Mu yi lissafi da alƙaluman da ta bayar. Dinari 700 sau takwas, 5,600 kenan, shi ne abin da aka yi alkawari. A wata 14 an karɓi 9,800. An wuce bashin da 4,200, kuma har yanzu ana neman miliyan ɗaya da rabi. Sannan ba ta iya cewa ta bar aikin, ba ta riƙe wayarta, ba ita ke zaɓar gidan da za a kai ta ba. Wannan aikin tilas ne da aka lulluɓe da sunan bashi. Sashe na 22 na dokar ya sa wa aikin tilas ɗaurin da bai gaza shekara biyar ba da tarar da ba ta gaza naira miliyan ɗaya ba. Canjin gidan nan ma ina so a bincika shi da kyau. In har sabon gidan kuɗi ya biya wakilin kafin a miƙa masa ita, to an shiga batun saye da sayar da mutum, wanda laifi ne daban.

Maman Khalil, shekarunta nawa ranar da ta bar gida?

Maman Khalil: Sha bakwai da 'yan watanni. A can ta cika sha takwas.

Barista Rabi: To wannan ya rufe gardamar yarda gaba ɗaya. Duk wanda bai kai 18 ba yaro ne a wannan doka, kuma ga yaro ba a ma buƙatar a nuna an yaudare shi ko an tilasta shi. An ɗauke shi, manufar ci da gumi ce, shi kenan. Shekarun ranar tafiya ake dubawa, ba na yau ba. Ku nemo takardar haihuwarta, ko ta makaranta, ko katin rigakafi, duk abin da ke ɗauke da kwanan wata.

Isuhu Damagaram: Salamu alaikum. Ni na yi tuƙi hanyar Agadas zuwa Dirku shekaru, kafin in dawo gida in kama tireda. Abin da Barista ta faɗa mu a tasha mun san shi ba tare da karatun doka ba. Fasinja iri biyu ne. Akwai wanda ya ƙirga kuɗinsa ya ba ka, wannan in kun isa Gatrun ko Sabha ya sauka ya yi tafiyarsa. Akwai wanda aka ce maka "za a biya a can". Shi wannan ba ka sauke shi a titi, akwai gidan da za ka kai shi, mai gidan ya biya ka, shi kuma ya riƙe mutumin. Gidan bashi muke ce masa. Duk wanda ya hau mota bai biya ba, to shi ne kuɗin motar.

Amma ina so a yi mana adalci. A 2015 aka yi doka a Nijar mai lamba 2015-36, aka kama direbobi, aka ƙwace motoci a Agadas, aka sa mu layi ɗaya da masu sayar da mutane. Tafiyar ba ta tsaya ba, sai dai aka bar babbar hanya mai rijiyoyi aka koma bin daji don gudun sojoji, kuɗi ya hau, mutuwa ta ƙaru. A Nuwamban 2023 gwamnatin soja ta soke dokar.

Sadiya Gwammaja: To kenan yanzu a Nijar halas ne a yi safarar mutane? Shi ya sa abin ya yi yawa.

Isuhu Damagaram: A'a ƙanwata, ba haka ba ne. Wadda aka soke ta jigilar baƙin haure ce. Ta fataucin mutane daban take, tun 2010 aka yi ta, kuma tana nan. Har gidan karɓar waɗanda aka ceto akwai a nan Damagaram, a 2019 aka buɗe shi.

Barista Rabi: Malam Isuhu ya faɗi daidai game da dokokin biyu. Ko a matakin duniya haka aka raba su, a yarjejeniyar Palermo ta 2000 takarda biyu aka yi, ɗaya ta safara, ɗaya ta fasa-ƙwauri. Sai dai zan ɗan ja da kai a wuri ɗaya. Direban da ya san cewa yarinyar da ke bayan motarsa gidan bashi zai kai ta, ya san abin da ake yi a gidan, ya karɓi kuɗinsa daga hannun mai gidan, wannan ya yi jigila da sanin manufa. Doka tana iya kama shi a matsayin mai safara, ba mai fasa-ƙwauri kawai ba.

Isuhu Damagaram: Na ji, Barista. Ban ce hannun kowa a wanke yake ba. Akwai tafiyar da na yi da har yau in na tuna fuskokin yaran sai in kasa barci. Amma yawancinmu dillalin tasha ne ke cika mana mota, ba ka san wa ya biya wa bai biya ba sai an kusa isa. A tsakiyar Sahara kuma ba ka da inda za ka ajiye mutum.

Murtala K/Mata: Ni abin ya faru da ni, shi ya sa na kasa yin shiru. Ni na biya kuɗina cif tun daga Kano, na sayar da babur ɗina. Da muka isa Sabha sai direban ya ce wanda ya haɗa mu bai turo masa kasonsa ba. Aka kai mu wani gida, mu fi talatin a ɗaki ɗaya. Kullum da safe a ba ka waya ka kira gida ana dukanka don su ji kukanka. Wata uku na yi, ana fita da mu aikin gini ba a biyanmu, har mahaifina ya sayar da gona. Da na dawo ta jirgin IOM, hukumar kula da ƙaura ta duniya, wani ya ce min ni ba a yi safarata ba tunda ni na kai kaina. To ni wane ne a cikin biyun?

Barista Rabi: Sannu Murtala, Allah ya mayar da alheri. Ka fara tafiyar a matsayin wanda aka yi fasa-ƙwaurinsa, wannan gaskiya ne. Amma daga ranar da aka kulle ka aka riƙa fita da kai aiki ba biya, an yi safararka. Abu ɗaya yana rikiɗewa ya koma ɗayan a tsakiyar hanya, kuma haka ya fi faruwa. Inda masana doka suke saɓani shi ne wanda aka tsare don kuɗin fansa kawai, ba a sa shi aiki ba. Wasu suna cewa garkuwa da mutane ce da azabtarwa, wasu suna cewa ita ma ci da gumi ce. A naka akwai aikin gini, don haka ba ka cikin wannan saɓanin. Matsalarka ita ce hujja a kan wanda ya haɗa ku a Kano: ya san gidan za a kai ku, ko shi ma kuɗin direban kawai ya cinye? In ba a nuna ya sani ba, tuhumar da za ta tsaya a kansa ta fasa-ƙwauri ce ko damfara.

Alhaji Sabo Mai Yadi: Ni dai shawarata ku kai wa DPO na unguwarku a kamo matar nan yau ɗin nan, ta kwana biyu a ofis za ta fito da yarinya. Haka muka yi da wani da ya gudu da kuɗin kujerar Umara ta matata.

Hauwa Jibo: Alhaji, don Allah a'a. Kuɗin Umara daban, a nan rai ne a hannunsu. Na yi aiki da wata ƙungiya mai karɓar matan da aka dawo da su, na ga abin da gaggawa take jawowa. An kama dillaliya a nan, kafin magariba wakilinta ya samu labari, ya ɗauke yarinya ya kai ta wani gari, lambar da ake samunta ta mutu. Wata shida ba a ji ɗuriyarta ba.

Maman Khalil, kafin kowa ya san kun motsa, ku tattara abin da ke hannunku. In ta sake kira, ku tambaye ta sunan unguwar da take, masallaci ko kanti ko asibitin da ke kusa, sunan maigidan, sunan da ake kiran wakilin da lambarsa. Ku rubuta a takarda nan take. Duk saƙon murya da Hajiyar ta turo kada a goge, musamman wanda ta ambaci miliyan ɗaya da rabi. In ta ba da lambar asusun banki, ku adana, don ta nan ake bin sawun kuɗi. Sannan ku je ofishin NAPTIP na Kano da kanku, ku ce musu yarinyar tana can har yanzu, a fara da fito da ita kafin kame. Kada yayarki ta je ta yi wa Hajiyar barazana, ta ci gaba da yi mata magana kamar tana neman kuɗin.

Maman Khalil: Na gode Anti Hauwa. Akwai saƙon muryar, guda uku. Amma ba a amsa min ɗaya tambayar ba. Ita in ta dawo fa? Ba fasfo ta fita.

Barista Rabi: Sashe na 62 ya amsa wannan. Wanda aka yi safararsa ba a tsare shi ko a gurfanar da shi kan laifin da ya samo asali daga safarar, kuma an ambaci rashin takardun tafiya ko amfani da na jabu ƙarara. Dokar ta kuma ce a ɓoye sunanta da tarihinta, a ba ta masauki da magani, a kare ta daga barazanar waɗanda suka kai ta. Sashe na 65 ya ba ta damar neman diyya daga mai laifin, wato albashin wata 14 ɗin nan ba a yafe shi ba.

Amma kada in ba ki rabin magana. Wannan kariya a Najeriya take aiki. A Libiya shiga ƙasa ba izini laifi ne da ake tsare mutum a kansa, kuma ba su da cikakkiyar dokar safarar mutane da za ta ware ta daga sauran baƙin haure. In ta gudu ta faɗa hannun 'yan sanda ko 'yan bindiga a titi, gidan tsare baƙi za a kai ta. Shi ya sa ake bi ta ofishin jakadancin Najeriya a Tarabulus, su ba ta takardar tafiya ta gaggawa, IOM kuma ta sa ta a jirgin masu komawa gida. Kada ku ce mata ta gudu sai an san ƙofar da za ta nufa da wanda zai karɓe ta.

Hauwa Jibo: Ƙari a kan maganar Barista, masaukin NAPTIP a rufe yake, ba a fita yadda aka ga dama, yawanci kamar sati shida ake yi. Suna cewa don tsaro ne, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma na ga matan da suka ce daga kulle aka fito da su aka sake kulle su, har ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun yi ƙorafi a kai. Ku shirya mata zuciya tun yanzu. Diyyar kuma a takarda tana nan, amma ni a shekarun da na yi ban ga wadda ta karɓi albashinta cikakke ba. Shari'a tana ja, dangi su gaji, a zo a ce a yi sulhu a gidan mai unguwa.

Baban Hanif: To ai kun dawo kan maganata. Na yarda na yi kuskure a sunan laifin, safara ce. Amma in 'yata ce, wallahi gona zan sayar in biya a sako ta, shari'a ta biyo baya. Mahaifin Murtala da ya jira hukuma da yanzu wani labarin ake.

Murtala K/Mata: Haka ne Baba, biya ne ya fito da ni. Amma a ɗakinmu akwai wanda aka biya masa sau biyu, suka sayar da shi ga wani gidan aka sake sabon lissafi. Ba ni da amsa a wannan.

Barista Rabi: Ni ma ba zan ce wa uwa kada ta fanshi 'yarta ba. Biyan ba ya mayar da ku masu laifi, kuma ba ya goge laifin Hajiyar. In dai za a biya, a sanar da jami'in da ke riƙe da ƙarar tukuna, a biya ta banki ba hannu da hannu ba, kuma a ɗaure biyan da sharaɗin a kai ta ofishin jakadanci, ba a ce "an sake ta" a bar ta a titin Tarabulus ba.

Sadiya Gwammaja: Ni abin da ke damuna uwar ce. Ita ta miƙa yarinya 'yar sha bakwai. Ba za a ce da hannunta a ciki ba?

Barista Rabi: Ya danganta da abin da ya shiga hannunta da abin da ta sani. Uwar da aka yaudara ita ma an cuce ta, shaida ce. Amma in an ba ta kuɗi don ta saki yarinyar, bayarwa ko karɓar kuɗi don samun yardar mai iko da yaro yana cikin hanyoyin da dokar ta lissafa, kuma lauyan Hajiyar zai ɗaga wannan a kotu. Maman Khalil, ki tambayi yayarki tsakani da Allah kafin ku je, gara jami'in ya ji daga bakinku.

Maman Khalil: Na kira ta yanzu. Ta ce ranar tafiyar Hajiyar ta ba ta turmi biyu na atamfa da naira dubu ashirin, wai na sallama. Tana ta kuka, ta ce ba za ta iya zuwa ofishin ba, tsoro take ji. Barista, wannan ya isa a ce ta sayar da 'yarta?

Barista Rabi: A ganina a'a, tunda ta riga ta amince kafin a ba ta, kuma ba ta san za a riƙe yarinyar haka ba. Amma ba ni ce mai bincike ba, ba zan yi miki alkawarin yadda za su kalle shi ba. Ki fara zuwa ke kaɗai ranar Litinin da saƙonnin muryar da takardar haihuwar, ki faɗi maganar atamfar da bakinki. Ki turo min saƙo ta gefe, zan duba ko zan samu in raka ki.

Isuhu Damagaram: Maman Khalil, ki tambaye ta kuma su nawa Hajiyar ta ɗebo a tafiyar. Ba a cika ɗaukar yarinya ɗaya ba.

Maman Khalil: Su biyar ne, Malam Isuhu. Biyu 'yan layinmu ne, kuma iyayensu ba su ce komai ba har yau. Zan leƙa gidajen da daddare in ji ko suna samun nasu a waya.